Yadda ake gane ɗan wasan gem daga hoton sikirin: kaya, makami da alamomin allo

Wanda aka turo wa hoton gem aka ce ya faɗi ko wane ne a ciki, idonsa kan riga yake fara sauka. A nan kuwa ake yawan faɗuwa, domin a gem ɗin yanzu riga ce abin da ya fi saurin sauyawa. Ana sayen ta, ana cin ta a matsayin kyauta, ana ɗora ta kan wanda ba nasa ba ce. Abin da ba ya sauyawa da sauƙi shi ne rubuce-rubuce da alamomin da ke gefen allo: layin rai, taswira, kuɗi, harsashi, maɓallai. Saboda haka tsarin da nake bi, wanda kuma zan koya maka, shi ne a fara gane gem ɗin daga gefen allo, a rage masu yiwuwa da makami da wurin da ake, sannan a ƙarshe a koma kan riga da fuska.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko shi ne hoton kansa, cikakke, ba wanda aka yanke gefensa ba. Idan ta WhatsApp aka turo, ka roƙi mai shi ya sake turowa a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar hoto tana matse shi, ƙananan rubutu su dushe, alhali su ne suka fi amfani. Sai waya ko kwamfuta da za ka iya zuƙo hoton ka kuma ƙara masa haske. Sai 'yar data ta bincike da kallon gajeren bidiyo a YouTube. Sai takarda da biro, ko wurin rubutu a wayarka. Kada ka raina wannan na ƙarshe. Idan ba ka rubuta abin da ka gani ba, sunan da ya fara faɗo maka a rai shi zai riƙa jan idonka, har ka daina ganin duk abin da ya saɓa masa.

Mataki na 1: Tantance irin hoton da ke hannunka

Hotunan gem iri uku ne. Akwai wanda aka ɗauka ana cikin bugawa, za ka ga alamomi a kusurwoyi, kuma galibi ɗan wasan ya ba ka baya. Akwai wanda aka ɗauka lokacin da gem ke nuna labari kamar fim, babu alamomi, amma ana ganin fuska sosai, wani lokaci da rubutun magana a ƙasa. Akwai kuma wanda ba daga cikin gem ya fito ba sam: zanen talla, zanen masoya, ko mutum ne ya yi shigar ɗan wasan aka ɗauke shi.

Na farkon shi ne mafi sauƙi, shi za mu fi daɗewa a kai. Na biyun ka fara karanta rubutun ƙasa, domin wasu gem suna sa sunan mai magana kafin maganar. Sai dai ka kula, mai maganar ba lallai ne shi kyamara ke nunawa ba, yana iya kasancewa wanda ake yi wa maganar ne. Na ukun kuwa ba abin dogaro ba ne wajen gano wane kashi na gem ne, domin mai zane yana iya haɗa rigar kashi na farko da makamin kashi na huɗu.

Mataki na 2: Karanta kusurwoyi huɗu kafin ka dubi tsakiya

Ka sa yatsa ka rufe mutumin da ke tsakiya. Ka zuƙo kowace kusurwa, ka rubuta abin da ke wurin: sama hagu, sama dama, ƙasa hagu, ƙasa dama, sannan tsakiyar sama da tsakiyar ƙasa. Abin da kake nema shi ne siffar taswira da inda take, yadda aka nuna rai, irin kuɗin da ake ƙirgawa, da duk wata kalma da za ta karantu.

GTA misali ne mai kyau, tunda kusan duk wanda ya taɓa zama a shagon gem ya san shi. A San Andreas na 2004 taswirar zagayayya ce a ƙasa hagu, a sama dama kuma akwai hoton makami, agogo, jan layin rai da kuɗi da koren rubutu, kuma taurarin 'yan sanda suna kaiwa shida. Da ka ga wannan tsari, wanda ake bugawa da shi CJ ne, ko da farar singileti da wandon jins da aka san shi da su yake, ko da kwat yake, ko an yi masa ƙiba ko ƙwanji, domin gem ɗin ya ba da damar sauya duk waɗannan. A GTA V na 2013 taswirar mai kusurwa huɗu ce, layukan rai suna ƙarƙashinta: kore na rai, shuɗi na sulke, rawaya na baiwa ta musamman, taurari kuma biyar ne. A nan mutum uku ake bugawa da su, kowa da launinsa a allon zaɓi: Michael shuɗi, Franklin kore, Trevor ruwan lemo. Idan kuwa ka ga kore da shuɗi kawai babu rawaya, to GTA Online ne, kuma mutumin da ke ciki mai bugawar ne ya ƙera shi da kansa, ba shi da sunan da za a nemo.

Maɓallan da suka bayyana a allo su ma shaida ne. Alwatika, da'ira, gicciye da murabba'i na PlayStation ne. A, B, X, Y masu launin kore, ja, shuɗi da rawaya na Xbox ne. Harafi kamar E ko F a cikin ɗan akwati yana nuna kwamfuta. Zagayen da ake murzawa da babban yatsa a ƙasa hagu, tare da maɓallai barkatai a dama, waya ce. Wannan yana yanke maka hanya sosai. God of War, alal misali, bai taɓa fitowa a Xbox ba. Amma ka tuna ana iya jona fad ɗin Xbox a kwamfuta alamominsa su fito, saboda haka ka ɗauke shi shaida guda cikin shaidu.

Mataki na 3: Dubi makami da yadda aka rataya shi

Bayan gefen allo, makami ne ya fi gaskiya, musamman wanda labarin gem ya ɗaure shi da mutum ɗaya. Kratos na God of War yana da fata fari-fat kamar toka da jan zane da ya ratsa kansa da idonsa na hagu zuwa kafaɗa. Wannan ya ishe ka sanin shi ne, amma makami ne zai gaya maka wane zamani. Wuƙaƙe biyu masu sarƙa, da ɗan gemu a haɓa kawai, tsofaffin kashin ne na ƙasar Girka, irin God of War II na 2007 da aka sha bugawa a PS2. Cikakken gemu da gatari a baya, da yaro mai baka a gefe, na 2018 ne ko Ragnarök na 2022. Idan mai cikakken gemun yana da mashi a hannunsa, Ragnarök ne, domin ba ya riƙe mashi a na 2018.

Kada ka tsaya kan sunan makami kawai. Ka duba guda nawa ne, wane hannu, kuma ina yake zama idan ba a amfani da shi: baya, ƙugu, ƙirji ko damtse. Masu ƙera gem suna riƙe waɗannan ko da an sauya riga, domin motsin ɗan wasan a kansu aka gina shi.

Gargaɗi a nan: a gem ɗin da ake tsintar makami a ƙasa, makami ba ya nuna mutum. A PUBG ko Free Fire kowa na iya ɗaukar kowace bindiga. Abin da kwanon suya a ƙugu da hular kwano mai rufe fuska za su gaya maka shi ne PUBG ne, ba wai wane ne ba.

Mataki na 4: Dubi wurin da ake da wanda ke tare da shi

Gine-gine, ƙasa, tufafin jama'ar gari, dabbar da ake hawa da tsuntsun da ke shawagi a sama duk suna nuna zamani da ƙasa. Wannan ba ya ɗaukar lokaci, kallo ɗaya ne. Amfaninsa zai fito fili a misalin da ke tafe.

Mataki na 5: Yanzu ka koma kan riga da jiki

Ka bi daga kai zuwa ƙafa: hula ko abin rufe fuska, gashi da gemu, tabo, kafaɗa, ɗamara, hannu, takalmi. Ka ware abin da ake cirewa da abin da ba a cirewa. Tabo, launin fata, tsawo, yatsan da ya guntule da zanen jiki sun fi riga daɗewa tare da mutum.

Launi yana taimakawa idan gem ɗin da kansa da launi yake rarrabe mutanensa. A Mortal Kombat ninjojin kusan shiga ɗaya suke yi: Scorpion rawaya, Sub-Zero shuɗi, Reptile kore, Smoke ruwan toka, Ermac ja, Rain shunayya, Noob Saibot baƙi wuluk. Duk da haka kada ka wahalar da kanka, gem ɗin faɗa suna rubuta suna a jikin layin rai a saman allo. Abin lura kawai shi ne suna ɗaya na iya zama na mutum biyu. A yawancin jerin, Scorpion shi ne Hanzo Hasashi, amma a Mortal Kombat 1 na 2023 Kuai Liang ne ke sanye da rawayar, wanda a baya aka sani da Sub-Zero.

Misali daga farko har ƙarshe

Mu ɗauki Assassin's Creed na kamfanin Ubisoft, domin babu jerin da ya fi shi ruɗa mutane. Da yawa daga jarumansa farar riga mai haɗe da hula suke sawa, hular mai tsini a goshi kamar bakin mikiya, da jar ɗamara, da wuƙar da ke ɓoye a hannun riga.

Ga hoton: mutum ya ba da baya, farar riga mai ratsin ja, ɗan mayafi ya rufe kafaɗar hagu kawai. Duk wanda ya san jerin zai ce Ezio ne, domin wannan mayafin kafaɗa ɗaya nasa ne. Mu rufe shi da yatsa tukuna.

A gem ɗin Ezio, wato Assassin's Creed II na 2009, Brotherhood na 2010 da Revelations na 2011, kusurwoyi huɗun duk a cike suke. Sama hagu akwai rai. Sama dama akwai maɓallai huɗu da aka jera kamar jikin mutum: na sama kai, na gefe biyu hannaye, na ƙasa ƙafa, kowanne da rubutun aikinsa. Ƙasa dama taswira ce, ƙasa hagu makami da kuɗi. A hoton namu babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babu taswira ma sam. Abin da ke akwai shi ne dogon layin kamfas a tsakiyar sama, mai ɗauke da ƙananan alamomi, ga layin rai a tsakiyar ƙasa, ga kuma lamba a kan kowane sojan da ke gaba. Kamfas ya maye gurbin taswira ne tun daga Origins na 2017, Odyssey na 2018, Valhalla na 2020 da Mirage na 2023 suka bi sahu. Ke nan tun kafin mu dubi makami mun san wannan ba gem ɗin Ezio ba ne.

Sai makami. A bayan mutumin akwai garkuwa da baka. Ezio ba ya riƙe garkuwa. A Odyssey, ko Kassandra ka zaɓa ko Alexios, ba a ba ka garkuwa, guntun mashi ne a hannun hagu. Basim na Mirage takobi da wuƙa yake riƙewa, ba garkuwa ba baka. Saura biyu ke nan: Bayek na Origins da Eivor na Valhalla, su ne ke haɗa garkuwa da baka.

Sai wuri. Rairayi ne, da itatuwan dabino, can nesa kuma ga dala. Valhalla a Norway da Ingila yake gudana, ƙanƙara da koren tsaunuka da dogayen jiragen ruwa. Origins kuwa Masar ce ta zamanin Cleopatra. Amsa ta fito: Bayek ne, mutumin Siwa, sanye da kayan Ezio, waɗanda Origins ya bayar a matsayin kyautar tunawa da tsofaffin jarumai, kamar yadda ya bayar da na Altaïr. Idan an ga tsuntsu a sama, mikiyarsa ce Senu. Da hankaka ne, da sai mu koma kan Eivor.

Ka ga rigar ba ƙarya ta yi ba, ta Ezio ce da gaske. Tambayar ce ke da amsa biyu, kuma mai kyau shi ne ka ba da duka: wane ne a ciki, kuma kayan wa ya saka.

Da a ce kusurwoyin sun nuna tsohon tsari ne, ga yadda za ka raba sauran. Altaïr na gem ɗin farko, 2007, rigarsa doguwa ce ba ado, ɗamarar fata mai faɗi, gajeriyar wuƙa a baya, wuƙar ɓoye ɗaya a hagu, kuma babu yatsan zobe a wannan hannun. Garuruwansa Masyaf, Dimashƙ, Akka da Ƙudus ne a shekarar 1191. Ezio yana da ado sosai, babbar alamar ƙungiya a ɗamara, wuƙaƙen ɓoye biyu, yatsunsa cikakku. Idan jan rufin gidaje da magudanan ruwa ka gani, Florence ko Venice ne, kashi na biyu. Kangayen tsohuwar Roma na Brotherhood ne. Idan kuma rigar ta yi duhu, gemu ya yi furfura, ga masallatai masu ƙubba, Revelations ne a Istanbul. A wannan kashin ka yi hattara, domin akwai wuraren da ake bugawa da Altaïr a ciki. Connor na kashi na uku, 2012, fari da shuɗi ne, baka a baya, ɗan gatari a hannu, dazukan Amurka da sojoji masu jar riga. Edward Kenway na Black Flag, 2013, takubba biyu ne da bindigogi har huɗu, biyu a ƙirji, ga teku da jiragen ruwa. A waɗannan biyun taswira ta koma ƙasa hagu, wanda shi kaɗai ya isa ya raba su da gem ɗin Ezio.

Mataki na 6: Tabbatarwa

Kada ka ba da amsa daga tunani kawai. Ka rubuta sunan gem da kake zato a YouTube tare da kalmar gameplay, misali:

```
Assassin's Creed Origins gameplay
```

Ka tsayar da bidiyon a inda ake cikin bugawa, ka jera shi da hotonka, ka gwada kusurwa da kusurwa. Idan layin rai, kamfas da salon rubutu sun dace, gem ɗin ya tabbata. Don tabbatar da rigar kuma:

```
Assassin's Creed Origins Ezio outfit
```

Idan akwai rubutu a hoton, kamar sunan aiki, sunan gari ko sunan makami, ka kwafe shi harafi da harafi cikin alamar zance a wurin bincike. Wannan ya fi komai sauri, domin sunan aiki ɗaya da wuya ya maimaitu a gem biyu. Binciken hoto na Google ma yana taimakawa, amma ka yanko ɓangare ɗaya ka ba shi, kamar kusurwar taswira ko makamin. Idan ka ba shi hoton Bayek ɗin nan gaba ɗaya, shi ma rigar zai bi ya kawo maka Ezio.

Ƙa'idar da nake riƙewa ita ce shaida uku daga wurare daban: ɗaya daga gefen allo, ɗaya daga makami ko wuri, ɗaya daga jiki. Idan biyu sun dace ɗaya ta saɓa, kada ka yi watsi da mai saɓawar, a cikinta amsar take.

Idan wani abu ya ɓace

Idan babu alamomin allo, ko dai mai hoton ya kashe su ko ya yi amfani da tsarin ɗaukar hoto na cikin gem, sai ka dogara da makami da wuri, ka ƙara da ingancin zanen. Gashi da ke kama da manne, yatsu a haɗe da fuska mai kusurwa suna nuna zamanin PS2. Amma gem da yawa an sake ƙera su. Leon na Resident Evil 4 da jaket ɗinsa mai gashi a wuya yana nan a na 2005, yana nan a na 2023, zanen ne kawai zai raba maka su.

Idan hannaye da bindiga kawai ake gani, irin na Call of Duty, gem ɗin za ka iya ganewa, mutumin kuwa sai da taimakon rubutu. A ɓangaren labari, farkon kowane aiki yakan nuna sunan sojan da wuri da kwanan wata, sai ka nemi mai hoton ya gaya maka sunan aikin.

Idan gem ɗin na intanet ne, sunan da ke saman kai na mai bugawa ne, ba na ɗan wasan ba. A Free Fire tufafin da aka saya suna rufe kamannin Alok ko Kelly gaba ɗaya, don haka hoton ɗakin jira ko shafin zaɓen ɗan wasa za ka nema a turo maka.

Akwai kuma baƙi. Kratos ya shiga Fortnite a 2020, ya kuma fito a Mortal Kombat na 2011 a PlayStation. Idan ka gan shi riƙe da bindiga, ga akwatunan kayan gini a ƙasa dama, Kratos ne amma gem ɗin Fortnite ne.

Na ƙarshe su ne gem ɗin da masu bugawa suka yi wa kwaskwarima, abin da ya yi yawa a San Andreas na kwamfuta da na waya. Za ka ga taswira da agogo da kuɗi duk na San Andreas ne, amma mutumin da ke tsakiya Spider-Man ne ko ɗan ƙwallo, wani lokaci ma har taswirar an sauya ta zuwa mai kusurwa huɗu irin ta GTA V. A nan ka dubi titi da gidaje da motoci da jama'ar da ke wucewa. Idan zanensu na 2004 ne alhali mutumin tsakiya ya fi su kyau nesa ba kusa ba, to an ɗora shi ne a gurbin CJ, kuma amsar da za ka bayar ita ce San Andreas ne da aka sauya wa ɗan wasa, tare da sunan wanda aka aro kamanninsa.